Faɗan gem ba tare da hadda ba: inda sabon hannu zai fara a Filinge da Damana

Wanda ya fara riƙe manet don ya gwada wasan faɗa, abin da ke kashe masa gwiwa tun kafin a daki hancinsa shi ne jerin dabaru. A Tekken kaɗai, ɗan wasa guda yana iya zuwa da motsi fiye da ɗari, cikinsu har da bugu goma a jere da sai an danna madannai goma bi da bi, kowane a kan lokacinsa. Mutum ya buɗe wannan jeri ya ga kibiyoyi da alamomi sun cika allo, sai ya ce wannan ai karatu ne, ya ajiye ya koma wasan ƙwallo. Mutane da yawa a nan suka rabu da wasannin faɗa, kuma ina ganin an cuce su, domin an nuna masu ƙofar da ba ita ce ta shiga ba.

A ƙasar Kurfai da Tondikandiya maganar ta fi nauyi. Filinge tana da nisan kilomita kusan 180 daga Yamai a kan hanyar da ta bi ta Baleyara, Damana kuwa, hedikwatar Tondikandiya, ƙaramin gari ne a cikin Dallol Boso. Saurayin da ke son gem a irin waɗannan garuruwa ba safai yake da na'ura tasa ta kansa a ɗaki ba. Ko dai ya biya kuɗi ya zauna a benci inda wani ya kafa tele da PlayStation, ko ya yi a wayarsa, ko ya jira ɗan'uwan da ya dawo daga Yamai ko daga cirani da tsohuwar na'ura a jaka. Ga wuta da ba ta da tabbas. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu a yammacin Nijar bayan Nijeriya ta yanke lantarki a watan Agusta na 2023. Wanda ke wasa da cajin faranti mai hasken rana ko da man janareta ba zai ɓata awa uku shi kaɗai yana maimaita danna madannai a kan gunkin da ba ya ramawa ba. Yana son ya zauna da abokinsa, a kara, a yi ihu, a tashi. Wannan buƙata ce mai ma'ana, kuma akwai wasannin da aka ƙera domin ta.

Kombo lada ne, ba shi ne aikin ba

Abin da ake kira kombo shi ne bugu a jere wanda idan na farko ya shiga, abokin karawa ba ya da damar tare sauran. Ya shahara ne da Street Fighter II na kamfanin Capcom a 1991, kuma waɗanda suka ƙera wasan sun faɗi cewa ba shi suka nufa tun farko ba. Sun sassauta lokacin danna madannai ne don motsi na musamman su yi sauƙin fita, sai aka tarar ana iya katse wani bugu a tsakiya a ɗora wani a kansa. Suka bar shi, ƴan wasa suka gano, ya zama al'ada.

Amma a lura da sharaɗin: idan na farko ya shiga. Duk tsawon jerin da mutum ya haddace, ba ya da amfani sai ya sami wannan bugu na farko. Samun sa kuwa ba hadda ba ce. Sanin tazara ne, da haƙurin tarewa, da karanta halin wanda ke zaune kusa da kai. Ɗan Kurfai da ya tashi yana kallon kokowa ya riga ya san wannan. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, har zuwa zamanin Issaka Issaka na Doso da ya ɗauke shi sau da dama, kaye ɗaya ke raba gardama, kuma kayen kansa ba ya wuce ƙiftawar ido. Mintocin da suka gabace shi, na zagaye da laluben hannu da jan ƙafa baya, su ne kokowar. Wasan faɗa na allo haka yake, sai dai kayen ana maimaita shi har jinin ɗaya ya ƙare.

Akwai kuma lissafin da ya kamata sabon hannu ya sani, don ya daina jin tsoron masu dogon jeri. Kusan duk wasannin faɗa na zamani suna rage ƙarfin bugu yayin da jeri ke tsawo. A Street Fighter 6, wanda ya fito a watan Yuni na 2023, yawancin ƴan wasa suna da jini 10,000. A ƙa'idar gama-gari, bugu na farko da na biyu suna cin cikakken ƙarfinsu, na uku kashi 80 cikin ɗari, na huɗu 70, haka yake sauka da goma-goma har ya kai kashi 10 a bugu na goma. A ce kowane bugu ƙarfinsa 500 ne. Bugu goma a jere ba za su ci 5,000 ba, 2,800 za su ci. Ukun farko kaɗai sun ci 1,400, wato rabin abin da goman suka tara. Kamu ɗaya kuwa, wanda madanni guda ke fitarwa, yana cin 1,200 a hannun yawancin ƴan wasan. Ke nan wanda ya iya bugu uku masu tabbas da kamu, kuma ya fi abokinsa yawan samun buɗi, zai ci shi ko da abokin ya haddace littafi guda.

Ba na cewa dogon kombo banza ne. A hannun ƙwararru, idan suka haɗa shi da babban bugun da ake tara wa ƙarfi, kuskure ɗaya yana iya cin rabin jinin mutum. Wanda ke neman kofin gasa ba makawa sai ya koya. Maganar da nake yi ta wanda ke son wasa da abokansa ne, ya ci wani turmi a ci shi wani.

Soulcalibur: madannai huɗu, kowane da aikinsa

Idan aka tambaye ni wasa ɗaya da za a saka wa sabon hannu a tsohuwar PlayStation 2, Soulcalibur zan ce, na biyu da ya fito a 2003 ko na uku na 2005, dukansu na kamfanin Namco. Akwai kuma Soulcalibur: Broken Destiny na 2009 da aka yi wa PSP, wanda masu wayar Android ke kunnawa da manhajar PPSSPP. Faɗan makamai ne, takobi da sanda da gatari, a fili mai iyaka.

Dalilina shi ne madannansa suna bayyana kansu. □ shara ce, saran da ke tafiya a gicciye. △ sara ne daga sama zuwa ƙasa. ○ shuri. ✕ tarewa. Kibiyoyi kuma suna kai ka ko'ina a filin, gaba da baya da gefe, muddin ka riƙe su. Daga nan sai doka guda da ke riƙe da wasan gaba ɗaya: saran sama ya fi ciwo, amma layi ɗaya yake bi, wanda ya goce gefe ya tsira. Shara tana kama mai gocewa, amma yawancinta sama-sama take wucewa, wanda ya durƙusa ya tsira. Mai durƙuso kuma saran sama yana samun sa a ka. Wanda ya gane wannan zagaye ya gane rabin wasan kafin shayi ya tafasa.

Akwai wani abu da masu ƙera shi suka yi wanda ya dace da mai ƙin hadda. A Tekken, idan aka cilla ka sama, kai da ikon jikinka sai ka faɗi, abokin karawa yana ta ɗora bugu kana kallo. A Soulcalibur, bayan bugun farko ya same ka a iska, kana iya riƙe kibiya ka karkata jikinka gefe ko baya, sauran su wuce ka. Shi ya sa jerin da ke da tabbas a wannan wasa gajeru ne, bugu biyu ko uku.

Bari mu bi wasa ɗaya daki-daki. A ce saurayi ya shigo Filinge daga wani ƙauyen Tondikandiya, bai taɓa wasan ba, ya zauna da abokinsa da ya ɗan saba. Ya zaɓi Kilik, mai doguwar sanda. Abokin ya ɗauki Mitsurugi, mai takobi. Abin da za a koya wa baƙon kafin a fara abu biyar ne, kuma za a iya faɗa masa su a tsaye: □ sau biyu, △ sau biyu, riƙe ✕, kamu da □ da ✕ tare, da tafiya gefe. Kada a ƙara masa komai.

Aka fara. Abokin ya rugo a guje, don ya san sabon hannu yana rikicewa idan aka matse shi. Sandar Kilik ta fi takobin tsawo, don haka baƙon ya danna △ sau biyu tun abokin bai iso ba, ya same shi. Ya sake, ya sake samu. A karo na uku abokin ya gane, ya riƙe kibiyar sama ya zagaya gefe, sandar ta daki ƙasa, takobi ya sauka a kafaɗar Kilik. A nan ne darasin farko yake, kuma ba a jerin dabaru aka rubuta shi ba: an goce maka ne saboda ka maimaita abu ɗaya. Maganinsa □. Da abokin ya sake zagayawa, shara ta tare shi a hanya.

Yanzu Mitsurugi ya samu ya shigo kusa, inda doguwar sanda ba ta da wani fifiko. Abin da hannun sabon ɗan wasa ke so ya yi a nan shi ne ya danna komai da komai. Abin da ya dace shi ne babban yatsa ya kwanta a kan ✕ ya zauna. Za ka ji ƙarar ƙarfe kan itace sau biyu ko uku, sannan ɗan shiru. Wannan shirun shi ne naka. Yawancin bugu idan aka tare su suna barin mai su a baya da ɗan lokaci kafin ya dawo daidai, kuma mafi nauyin bugu shi ya fi daɗewa. Ka saki ✕, ka danna □ sau biyu, don ita ce ta fi saurin fita. Ba za ta ci jini mai yawa ba, amma ta maido maka da magana.

Abokin ya ga baƙon ya koyi tarewa, sai ya matso ya kama shi, domin tarewa a tsaye ba ta hana kamu. Kamu iri biyu ne: na □ da ✕, wanda ake kuɓucewa da danna □, da na △ da ✕, wanda ake kuɓucewa da △. Sabon hannu ba zai bambance su da ido ba, kuma kada ya damu. Ya zaɓi ɗaya ya danna, rabin lokaci zai dace. Ko kuwa ya riƙe ✕ da kibiyar ƙasa ya durƙusa, hannuwan su wuce ta kansa. Idan ya cika durƙuso, saran sama zai tuna masa. Shi ma yanzu ya san abin da zai yi idan abokin ya lafe a bayan tarewa.

Sai maganar bakin fili. A yawancin filayen wasan, wanda aka tura waje ya faɗi turmin, ko da jininsa a cike yake. Sababbin ƴan wasa suna ja da baya, suna ja da baya, har su tarar ba ƙasa a bayansu, shuri ɗaya ya gama da su. Doka mai sauƙi ita ce: idan kana son nisa, ka zagaya, kada ka ja baya a miƙe. Wannan doka tana da daɗi ta ɗaya ɓangaren, domin ita ce ke ba baƙo damar cin wanda ya fi shi. Ana saura ƙiris jininka ya ƙare, ka lura bayan abokinka yana bakin rami, ka tura. Ihun da ake yi a benci a irin wannan lokaci ya isa dalilin zama.

Bayan zama biyu ko uku, idan yana son ƙari, abu na shida shi ne kibiyar ƙasa-gaba tare da △. A hannun yawancin ƴan wasan wannan yana cilla mutum sama, sai a bi shi da △. Kombonsa ke nan gaba ɗaya, kuma zai daɗe yana ci da shi.

Idan PlayStation 4 ce

Inda aka sami PlayStation 4, Street Fighter 6 ya kawo abin da ya sauya lissafi. Shekara talatin, wanda ke son fitar da naushin Ryu mai tashi sama sai ya ja kibiya gaba, ƙasa, ƙasa-gaba, sannan ya danna naushi, duk cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Mutane da yawa a wannan motsin suka tsaya. Sabon wasan ya zo da tsarin da ake zaɓa a allo mai suna Modern. A cikinsa □ bugu ne mara nauyi, ✕ matsakaici, ○ mai nauyi, △ kuma motsi na musamman, shi kaɗai ko tare da kibiya guda. Idan ka riƙe R2 kana maimaita madanni ɗaya, wasan da kansa yake haɗa maka gajeren kombo. Farashin da ake biya a bayyane yake: motsi na musamman da ka fitar da △ yana rasa kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa, wanda zai ci 1,000 ya ci 800, kuma wasu daga cikin bugun ɗan wasan ba sa cikin tsarin.

Wasu tsofaffin hannu suna raina wannan tsari, suna cewa na yara ne. Ban yarda da su ba. A gasar Evo ta 2023 a Las Vegas, wadda ita ce babbar gasar wasannin faɗa ta duniya, Haitani na Japan ya kai zagayen ƙarshe na ƴan kaɗan da suka rage yana wasa da Chun-Li a tsarin Modern. Abin da tsarin ya cire wahalar yatsa ce. Yanke shawarar lokacin da za a danna yana nan a wuyan mai wasa.

A nan ne ya kamata a fahimci lokaci, domin shi ke raba abin da ake gani a mayar da martani da abin da sai dai a yi hasashe. Waɗannan wasanni suna zana hoto 60 a kowace daƙiƙa. Ɗan Adam yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa, wato hoto 15 ko fiye, kafin abin da ido ya gani ya isa yatsa. Tsalle a Street Fighter yana ɗaukar hoto kusan 45, don haka ana iya ganin sa a kakkaɓo mai shi, kuma da tsarin Modern kibiyar gaba da △ sun ishe Ryu. Wanda ya iya wannan kaɗai ya gama da rabin sababbin ƴan wasa, don tsalle ne abincinsu. Kamu kuwa hoto 5 yake fita. Babu mai ganin farawarsa, sai dai ka karanta cewa yana zuwa. Tsakaninsu akwai wani babban bugu mai fenti a allo, Drive Impact, a madannin L1, wanda ke ɗaukar hoto 26 kuma yana shanye bugu biyu ba tare da ya tsaya ba. Sababbi suna zuba shi ba ƙaƙƙautawa. Maganinsa ka danna naka L1 da zarar ka ga launin ya watsu, na baya shi ke cin na farko.

A wannan na'ura akwai kuma Samurai Shodown na 2019, sabon zubin wasan da kamfanin SNK ya fara a 1993. Shi ne ya fi kowane nisa da hadda. Babban sara ɗaya yana iya kwashe kusan rubu'in jinin mutum, amma idan aka tare shi, mai saran yana tsaye a buɗe har a rama. Sai ka ga mutum biyu suna takawa gaba da baya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yi gaggawa. Mai son hayaniya zai ga wasan ya yi sanyi. Mai haƙuri zai ji kamar don shi aka yi.

Tekken da Mortal Kombat, tunda su ne a gaba

Gaskiya ita ce ba kullum mutum ke da zaɓi ba. Abin da mai wurin ya saka shi za a yi, kuma sunayen da kowa ya sani su ne Tekken da Mortal Kombat. Dukansu biyu suna saka wa mai hadda fiye da waɗanda na ambata, amma ana iya shiga da kaya kaɗan.

A Tekken kowane madanni gaɓa ce: □ hannun hagu, △ hannun dama, ✕ ƙafar hagu, ○ ƙafar dama. Tarewa kuwa kibiyar baya ce. Tun Tekken 3, wanda ya zo PlayStation a 1998, sababbi suke gudu wurin Eddy Gordo, su yi ta marin ✕ da ○ yana juyi a ƙasa yana harbi. Yana ci, har ranar da aka haɗu da wanda ya san inda zai tare, daga nan kuma mai Eddy bai san me ya faru ba, don bai taɓa zaɓar ko bugu ɗaya da niyya ba. Na fi son a ba sabon hannu Paul Phoenix. □ sannan △ don naushi mai sauri, ƙasa da ○ don taɓa ƙafar wanda ya tsaya yana tarewa, □ da ✕ tare don kamu, sai motsi guda da ya cancanci a koya: ƙasa, ƙasa-gaba, gaba da △. Wannan naushi yana wurgar da mutum nesa, yana cin jini sosai, kuma mai durƙuso ba ya tsira daga gare shi. A ajiye shi sai abokin karawa ya kai bugu ya daki iska. Kuma kada wani ya ɗauka sai mai na'ura a gida ke zama gwani a wannan wasa. Arslan Ash na Lahore a Pakistan a shagunan gem na unguwa ya taso, ya je ya cinye Evo ta Japan da ta Amurka a shekara ɗaya, 2019, lokacin da kusan ba wanda ya san ana buga Tekken haka a ƙasarsa.

Mortal Kombat, wanda Ed Boon da John Tobias suka fara a 1992, yana da madannin tarewa na daban, kuma jerinsa sai an danna su a haddace da sauri. Amma tun farkonsa yana da abu biyu da kusan kowane ɗan wasa ke da su: naushin da ake tasowa da shi daga durƙuso, mai kakkaɓo mai tsalle, da sharar ƙafa. A na 2011 da ke PlayStation 3, na farkon ƙasa ne da △. Sai dai a tuna wasa ne mai zubar da jini ƙwarai, an yi shi don manya, bai kamata a kunna shi inda ƙananan yara suka cika benci ba.

Inda abin ke lalacewa

Wani lokaci laifin ba na hannunka ba ne. Idan ka ga bugu yana zuwa, ka tabbata ka danna tarewa a kan lokaci amma ya shige ka, kuma haka yake ta faruwa, ka duba telen. Sababbin tele masu faɗi suna gyara hoto kafin su nuna shi, wannan yana jawo jinkirin da a fim ba a ji, a wasan faɗa kuwa hoto huɗu ko biyar sun isa su ɓata komai. A nemi Game Mode a cikin saitin a kunna. Tsohuwar tele mai ƙoƙo a baya ba ta da wannan matsala, kuma da PlayStation 2 ita ce ta fi dacewa, don haka kada a yi saurin jefar da ita.

Manet ma yana gajiya. A ƙarƙashin kowane madanni akwai ƴar roba mai baƙin ɗigo, ƙurar hunturu tana shiga, robar tana tsagewa, sai madannin ya yi laushi ya daina dawowa da ƙarfi. Alamarsa ita ce ɗan wasanka yana sakin tarewa shi kaɗai, ko kibiyar ƙasa-gaba ta ƙi fita. A musanya manet tsakanin mutum biyun bayan kowane wasa. Idan rashin nasara ya bi manet ɗin, an gano mai laifi. Mai gyaran waya yana iya buɗewa ya share, ya sa wata robar daga mataccen manet.

A waya, matsalar gilashi ce. Yatsa ba ya jin inda madanni ya fara da inda ya ƙare, don haka duk wasan da ke buƙatar jan kibiya kashi uku zai ba ka haushi. Soulcalibur yana jurewa saboda yawancin abin da ake buƙata kibiya ɗaya ce da madanni ɗaya. Brawlhalla, wanda kyauta ne kuma ya zo Android a 2020, shi ma kibiya ɗaya da madanni ɗaya ne, manufarsa a turo abokin karawa daga dandali. Sai dai daɗinsa a karawa ta intanet yake, kuma wasan da ake auna shi da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa ba ya yafe wa layin da ke yankewa. Inda rezo ke rawa, gara mutum biyu a gaban allo ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne koyo da na'ura. Sabon hannu yana jin kunyar a ci shi a gaban mutane, sai ya keɓe yana faɗa da kwamfutar wasan. A mataki mai sauƙi tana tsayawa a dake ta, ta koya maka cewa maimaita abu ɗaya yana aiki. A mataki mai wuya, musamman a tsofaffin wasanni, tana amsa abin da ka danna da saurin da ba ɗan Adam da ke da shi. Ko ta wane hali ba ta da ɗabi'ar da za ka karanta, ba ta tsorata idan jininta ya yi ƙasa, ba ta fushi ta rugo. Abokinka yana yin duk waɗannan. Idan ya fi ka nisa ba kusa ba, a buɗe saitin karawar mutum biyu, yawancin waɗannan wasanni suna da inda ake ƙara wa ɗaya jini a rage wa ɗaya. A ba sabon hannu fifiko, a riƙa ragewa a hankali yayin da yake kamo ƙafa.

Bayan an ci ka, ka tambayi kanka da wane abu aka fi cin jininka, don amsar ba ta wuce guda uku. Idan a tsakiyar danne-dannenka ake samun ka, kana kai hari ne a lokacin da ba naka ba, sai ka ƙara tarewa. Idan kamu ne ke cin ka, ka cika lafewa, sai ka riƙa durƙusawa ko ka tarbi mai matsowa da bugu mai sauri. Idan kuwa bugunka ne ke dukan iska a rama maka, ba ka san tsawon makaminka ba tukuna, kuma wannan minti biyu ya isa a gyara shi: ka tsaya nesa, ka kai sara, ka matsa taki ɗaya, ka sake, har ka ga inda bakin sandar ke fara taɓawa. A wasa na gaba ka gyara guda ɗaya cikin ukun, ka bar sauran sai wani zama.